Idan Takardar Ɗauka Ta Zo Alhali Kana Jiran Wata

Na gode muku da kuka taru a nan Kafanchan, wasu daga Kagoro, wasu daga Zonkwa da Kwoi, har da na Kachia. Maganar da zan yi yau ta shafi mai neman aiki wanda ya shiga intabiyu a wuri biyu, wuri ɗaya ya aiko masa da takardar ɗauka, ɗayan kuwa, wanda ransa ya fi so, shiru kake ji. Mutane da yawa sukan yi asarar duka biyun a wannan gaɓa, don kawai suna jin nauyin yin tambaya.

Bari mu ɗauki misali. Wani saurayi a garin nan ya nemi aikin akawun sito a wani kamfanin sayen citta a Kachia, ya kuma nemi aikin akawu a wata kwaleji ta gwamnati a nan kusa. Kwalejin ya fi so, saboda fansho da kusancin gida. To, sai kamfanin ya riga. An rubuta takardar ran Litinin 3 ga wata, ta iso hannunsa ran Alhamis 6 ga wata, an ce ya ba da amsa cikin kwana 14 daga ranar da aka rubuta ta.

Abu na fari shi ne lissafi. Wa'adin ya fara tun ran 3, watau zai cika ran Litinin 17 ga wata, ba ran 20 ba. Kwana 3 sun riga sun tafi a hanya. Kuma ba dabara ba ce mutum ya kai amsa ranar ƙarshe, domin mota tana iya lalacewa, manaja yana iya yin tafiya. Saboda haka saurayin ya sa wa kansa ran Juma'a 14 ga wata ya kai amsa Kachia. Ke nan ranar da zai faɗa wa kwalejin ita ce Alhamis 13 ga wata. Ku lura, sai da ya duba takardar ya ga sunan aiki, da albashi, da ranar kama aiki, da sa hannu. Da a baki ne manaja ya ce masa an ɗauke shi, da bai taka ko'ina ba tukuna, domin ba a kai wa wani ofis labarin abin da ba ya hannu.

Abu na biyu, wa za a faɗa wa, kuma da wane lafazi? Ba wurin masinja ba, ba kuma wurin wani ɗan garinku da ke aiki a can ba. Wanda ya sa hannu a takardar gayyatar intabiyu, shi za ka rubuta wa. A kwaleji galibi ofishin Rajistara ne. Ran Juma'a 7 ga wata saurayin ya kai takardarsa da hannu, ya roƙi a buga hatimin karɓa a kan kwafinsa. Ga abin da ta ƙunsa:

"Ranka ya daɗe, na shiga intabiyu na aikin akawu a nan ranar kaza. Ina sanar da kai cikin ladabi cewa wani wuri ya ba ni takardar ɗauka, kuma lalle ne in tsai da shawara kafin ƙarshen ran Alhamis 13 ga wata. Gaskiya aikin nan naku na fi so. Ina roƙo a sanar da ni ko har yanzu sunana yana cikin waɗanda ake dubawa, da matakin da ya rage, da lokacin da ake sa ran fitar da takardun ɗauka."

Ku dubi abin da bai faɗa ba. Bai ambaci sunan kamfanin ba, don ba tilas ba ne. Bai kawo maganar albashi ba, domin albashin gwamnati bisa matakai yake, Rajistara ba shi da ikon ƙara kwabo saboda wani ya taya. Bai ce in ba a yi sauri ba zai tafi ba, don wannan barazana ce, babba kuwa ba ya son a tsare shi. Labari ya bayar, ya yi tambaya uku, ya sa rana.

Abu na uku shi ne fahimtar amsa. A kamfani mai zaman kansa mutum ɗaya yana iya yanke magana a yini guda. A ma'aikatar gwamnati kuwa, waɗanda suka yi maka intabiyu shawara kawai suke bayarwa. Sai hukumar ɗaukar ma'aikata ko majalisar gudanarwa ta zauna ta amince, wani lokaci ma sai an sami izinin kuɗin albashi. Don haka tambayar matakin da ya rage ta fi sauran amfani. In an ce an riga an amince, sa hannu kaɗai ya rage, to, abu ya yi kusa. In an ce majalisa za ta zauna ran kaza, ka sami rana da za ka auna da taka. In kuwa aka ce, "Kwantar da hankalinka, aikin naka ne," ba rana ba takarda, to, kyakkyawar fata ce aka yi maka, ka yi godiya, amma kada ka gina kome a kanta. Wanda kuma ya ce ka kawo wani abu a hanzarta maka, ka guje shi, wannan cin hanci ne.

Saurayinmu an ce masa majalisa za ta zauna ran Laraba 19 ga wata, watau kwana 2 bayan cikar wa'adinsa. Sai ya rubuta wa manajan Kachia, ya yi godiya, ya roƙi a ƙara masa zuwa Litinin 24 ga wata, ya kuma nemi a ba shi amsa a rubuce. Sau ɗaya ake irin wannan roƙo, kuma mai aiki yana da ikon ƙi. In an ƙara, madalla. In an ƙi, sai ya tuna cewa ƙwai a baka ya fi kaza a akurki: zaman majalisa yana iya ɗagawa, kuma ba a ce shi za a zaɓa ba.

Wani zai ce, me zai hana ya karɓa, in na gwamnati ya fito ya gudu? Wanda ya sa hannu ya ɗaura yarjejeniya, fita kuwa tana da ƙa'ida. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago, wadda ta shafi leburori da akawuna, ya ce wanda bai wuce wata 3 a aiki ba zai ba da notis na kwana 1; daga nan zuwa ƙasa da shekara 2, mako 1. Amma in takardar ɗaukarka ta ce wata guda, to, wata gudan za ka bayar ko ka biya kuɗinsa. Ban da wannan, ƙasar nan tamu kowa ya san kowa. Akawun da ya bar sito cike da citta a tsakiyar kaka ba sallama, labarinsa zai riga shi isa ofis na gaba.

Haka kuma kada wanda ba shi da takarda ya ƙirƙiro ta don ya tsorata wani ofis. Ana iya cewa ka nuna, ana kuma iya cewa, "Allah ya sa alheri, je ka karɓa," a cire sunanka.

In ka tsai da shawara, ka rubuta wa wurin da ka bari a ranar, don a ba wani.