Wutsiyar Aikatau: Inda Ɗalibanmu Ke Zubar da Maki a Turanci

Masu sauraronmu na Kambaza, Gwandu, Kalgo da kewaye, ga mu a filinmu na gyaran Turanci. Yau da 'yan ajin ƙarshe na sakandare zan yi, masu fuskantar WAEC da NECO, waɗanda ke hangen Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke nan Kalgo, wadda aka kafa a 2013. Kun dai san ba a shiga sai da kiredit a Turanci. Batunmu shi ne wutsiyar da aikatau na biyu ke ɗauka idan biyu suka haɗu a jimla: ko a sa masa to a gaba, ko a liƙa masa ing a baya. Hujjata guda ce. Aikatau na farko shi ke da iko, shi ke zaɓar wutsiya, don haka wanda ya haddace shi ba tare da wutsiyarsa ba, rabin karatu ya yi.

Mu fara da mai sauƙi, don Hausa ma ta share mana hanya. Bahaushe kan ce yana jin daɗin karatu, ba ya cewa yana jin daɗin ya karanta. Haka enjoy yake, sunan aiki yake nema: I enjoy reading. Finish da avoid ma layinsu ɗaya. Shi kuwa want, to yake ja: I want to read. A nan ne Hausa ke zame mana, domin muna iya cewa ina so in karanta, muna kuma iya cewa ina son karatu, sai yaro ya ɗauka ƙofa biyu ce a buɗe, ya rubuta I want reading. A'a. Idan kai ne za ka yi aikin, want ƙofarsa ɗaya, shi da decide da hope da refuse.

Amma wanda ya fi damuna, kuma za ku gaji da jin ina nanata shi, shi ne suggest. A ce an nemi ka rubuta wa shugaban ƙaramar hukumar Gwandu wasiƙa kan matsalar ruwan sha a garinku. A ranka kana cewa, ina ba ka shawara ka haƙa rijiyar burtsatse, sai hannu ya bi tunanin Hausa ya rubuta I suggest you to dig a borehole. Jan biro ya hau. Suggest ba ya yarda da to mai jan aikatau ko kaɗan. Ko dai ka ce I suggest digging a borehole, idan ba ka ambaci mai haƙar ba, ko ka ce I suggest that you dig a borehole, idan shugaban kake nufi. Abin da ke ruɗa yara shi ne advise, wanda ma'anarsa ta yi kusa, shi ya yarda: I advise you to dig a borehole daidai ne. To in ka rikice a ɗakin jarrabawa, koma wa advise. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Na san wani zai ce ai akwai dabara, to na abin da ke gaba ne, ing na abin da ya wuce ko ake cikin yi. Dabarar tana da ɗan amfani, don want da hope da plan duk gaba suke kallo. Sai dai rijiyar da kake ba da shawara ai ba a haƙa ta ba tukuna, ita ma tana gaba, amma suggest ya ƙi to. Avoid ma haka. Dabarar da ke faɗuwa daidai wurin da aka fi buƙatarta ba abin dogaro ba ce. Wani kuma zai ce, ai ko an rubuta da kuskuren, shugaba zai gane. Gaskiya ne, zai gane. Amma mai makin takarda ba fahimta kaɗai yake aunawa ba. A insha'in WAEC mai maki 50, an ware 10 don tsabtar nahawu da rubutu, kowane kuskure kuma rabin maki yake ci. Ka maimaita wannan sau huɗu, maki biyu sun tafi, alhali wani lokaci abin da ke raba kiredit da fas bai wuce haka ba.

Malamai, ku ma da laifinku. Ana rubuta suggest a allo, a sa ma'anarsa a gefe, a wuce. Don Allah a riƙa rubuta shi cikin cikakkiyar jimla tun daga ƙaramar sakandare, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku kuma ɗalibai, ku raba shafi gida biyu, masu to a dama, masu ing a hagu, kowanne da jimlarsa. Kafin ku miƙa takarda, ku bi duk inda kuka rubuta suggest ku duba: in akwai to da aikatau manne a bayansa, ku soke ku gyara. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu, inda za mu duba stop da remember, masu ɗaukar wutsiya biyu amma ma'ana ta canza.