Kuɗin Ajiyar Ɗan Haya Amana Ne

Kuɗin ajiyar da mai gida ke karɓa kafin ya miƙa makulli amana ne, ba kuɗin haya ba ne.

A fiƙihun Malikiyya, ɗan haya ba ya biyan abin da ya tsufa da kansa, kamar fentin da ya koɗe. Sai ɓarnar ganganci ko sakaci, ko bashin da ya bari.

A ce ka ajiye naira 30,000, yaranka suka fasa gilashin taga na 8,000, ga bashin wuta 5,000. Haƙƙinka 17,000 ne cif.

Ranar shiga, ku zagaya gidan da shaidu, ku rubuta komai. Mai gida, nuna rasit kafin ka cire ko kwabo.