Saƙon jajibiri: a amsa da kalma ɗaya

Jawabin edita ga sakatarorin ƙungiyoyin manoma na yankin Ɗansoshiya

'Yan'uwa sakatarori daga Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, yau maganarmu a kan saƙon waya ce, wanda ake aikawa ana gobe aiki.

Mu ɗauki misali. A ce manoma shida sun yi shatar mota mai ɗaukar buhu 60, don kai shinkafa kasuwar Tudun Wada. Kowa buhu 10. Gari ya waye, biyu ba su fito ba. Direba dai ba zai rage ko kwabo ba. Wanda zai biya kashi ɗaya cikin shida na kuɗin mota, yanzu sai ya biya ɗaya cikin huɗu. Daga nan zumunci ke fara tsami.

Maganin wannan shi ne tun da hantsin jajibiri sakatare ya aika wa kowa saƙo kamar haka:

"Salam. Sakatare ne. Gobe Talata karfe 6 na safe mota za ta dauki buhunka 10 a Kwanar Dangora zuwa Tudun Wada. Amsa E kafin isha'i. In ba amsa, za a sa wani."

Ku lura, an faɗi ranar da sunanta, domin saƙo yakan makale inda sabis ba shi da ƙarfi. Idan ya shiga washegari, "gobe" kaɗai za ta ɓatar da mutum. An kuma bar baƙaƙe masu ƙugiya da gangan, domin saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar ƙ ko ɗ ta shiga sai ya koma 70, kuɗi ya ƙaru.

Me ya sa kalma ɗaya? Domin ko ɗalibin da bai daɗe da shiga ajin yaƙi da jahilci ba zai iya danna E. Ban da haka, "to, Allah ya kai mu" addu'a ce, ba a lissafa buhu da ita.

Jimlar ƙarshe ita ce gishirin saƙon. Ta gaya wa mutum abin da shirunsa zai jawo, ta kuma ba sakatare daren nan ya nemo mai cike gurbi. Amma fa sai an cika. Idan aka ce za a sa wani, aka kuma tsaya jira, nan gaba ba mai amsawa.

Sai dai shiru ba kullum yake nufin ƙi ba. Wataƙila caji ya ƙare, ko yaron da ke karanta masa ya tafi kiwo. Saboda haka in la'asar ta yi, a kira waɗanda ba su amsa ba, ko a tura maƙwabci. Idan kuwa mutum guda ne kullum yake shiru, a riƙa aika masa saƙon baki.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka. Wassalam.