Me COOL, DRY, FAN da AUTO suke yi a rimot ɗin na'urar sanyaya ɗaki?



Na'urar sanyaya ɗaki mai gida biyu tana da kwamfuresa a akwatin waje, sai fanka da nannaɗaɗɗen bututun sanyi a akwatin ciki. Galibin abin da maɓallin MODE yake yi bai wuce tsara aikin kwamfuresa da fankar nan ba.

A COOL, mai alamar ƙanƙara, kwamfuresa tana aiki har ɗaki ya sauko zuwa lambar da aka saita. Daga nan ta tsaya, ko ta rage gudu idan na'urar mai inbata ce. Shi ya sa saita 16 a na'urar da ba ta da inbata ba ya ƙara wa iska sanyi, hana kwamfuresa hutawa kawai yake yi.

DRY, mai alamar ɗigon ruwa, shi ne aka fi yi wa gurguwar fahimta. Kwamfuresa na aiki a nan ma, amma fanka tana tafiya a hankali, galibi ma rimot ba zai bari a ƙara mata gudu ba. Iska kan daɗe a jikin bututun, danshinta ya zama raɓa kamar yadda kwalbar ruwan sanyi ke yin gumi, ruwan ya bi tiyo ya fita waje.

Mu ɗauki daren Agusta, ɗaki yana digiri 27, danshi kashi 80 cikin ɗari. Irin wannan iska tana fara sakin ruwa a wajen digiri 23, bututun kuwa ya fi haka sanyi nesa ba kusa ba. Idan aka sa COOL a 26, nan da nan kwamfuresa za ta tsaya, danshi na nan, jiki na danƙo. DRY ne maganin wannan daren. A Afrilu kuwa, da zafi 40 da danshi kashi 15, sai iska ta sauko wajen digiri 9 kafin ta saki ruwa. Tiyo zai zauna kusan a bushe, kuma fanka mai jan ƙafa ba za ta iya da zafin ba. Rashin ɗigar ruwa a bazara ba lalacewa ba ce, amma a damina abin a duba ne.

FAN ba ya tayar da kwamfuresa sam. Iskar ɗakin yake juyawa, shi ya sa ƙaramin janareto ke ɗaukarsa.

A AUTO na'urar ce ke auna zafin ɗaki ta zaɓi yanayi da kanta, kuma wadda ke iya ɗumama ɗaki tana iya huro iska mai zafi da asubar hunturu. Kada a rikita shi da AUTO na gudun fanka, wanda ni na fi so a haɗa da COOL. Sannan idan an sauya yanayi aka ji waje shiru, a jira kamar minti 3, jinkiri ne da aka sa don kare kwamfuresa.