Amsa Ɗaya Ta Ci, Huɗu Sun Faɗi: Me Ya Kayar Da Su?

Laccar da aka gabatar wa ɗaliban likitanci a unguwar Gumani, Tamale

 

Yawancinku ɗalibai ne a makarantar likitanci ta UDS, jami'ar da aka kafa a 1992, kuma kuna zagayen marasa lafiya a asibitin koyarwa na Tamale. Jarrabawar da ke jiranku, ta makaranta ko ta ƙwarewa daga baya, cike take da tambaya iri ɗaya: a ba ka labarin majinyaci, a tambaye ka abu guda, a jera maka amsoshi biyar, a ce ka zaɓi wadda ta fi dacewa. Yadda akasarin ɗalibai ke bitarta kuwa sananne ne. Mutum ya zaɓi harafi, ya leƙa bayan littafi, in ya dace ya yi gaba, in bai dace ba ya haddace harafin da aka ce. A ganina wanda ya yi haka ya ɗauki kashi ɗaya cikin biyar na tambayar ne, ya zubar da huɗu.

Dalilina yana cikin yadda ake gina tambayar. Susan Case da David Swanson, waɗanda suka rubuta wa hukumar jarrabawar likitoci ta Amurka jagorar tsara tambayoyi, sun bayyana cewa a irin wannan tambaya ba dole ba ne amsoshin da suka faɗi su zama ƙarya tsagwaronta. Ana jera su ne daga mafi nisa zuwa mafi kusa da daidai. Wato mai tsara tambaya na ƙwarai ba ya sa shirme a cikin zaɓi. Kowace amsa da ya sa magani ne ko gwaji ne da likita ke amfani da shi da gaske, amma ga wani majinyacin daban. Aikin ɗalibi shi ne ya nemo wannan majinyacin.

Bari mu ɗauki tambaya guda mu feɗe ta. Yaro ɗan shekara 3, nauyinsa kilo 14, an kawo shi asibitin gunduma a Savelugu cikin watan Satumba. Kwana uku yana zazzaɓi, ya yi jijjiga sau biyu tun safe, yanzu ya fi awa ɗaya a sume. Wuyansa bai sanƙare ba. Gwajin jini na gaggawa ya nuna zazzaɓin cizon sauro, sukarin jininsa kuma milimol 4.6 ne a lita. Wane magani ya fi dacewa a fara ba shi? A, ƙwayar atemita-lumefantirin ta baki. B, allurar atesunet ta jijiya. C, kwinin a cikin ƙarin ruwa. D, atesunet na matsi ta dubura. E, salfadoksin-firimetamin haɗe da amodiyakwin.

Kafin ka kalli zaɓin, ka rufe shi da tafin hannu ka ba da amsa daga kanka. Tambayar da aka gina da kyau tana amsuwa a haka. Yaron da ya suma kuma ya maimaita jijjiga, zazzaɓinsa mai tsanani ne, ya taɓa ƙwaƙwalwa, maganinsa atesunet ta jijiya. Na ji da yawanku sun ce B tun ban gama karantawa ba, kuma kun yi daidai. To, a nan ne bitar ta fara.

Mu fara da A. Atemita-lumefantirin magani ne ingantacce, kuna rubuta shi kullum. Abin da ya kayar da shi kalma ɗaya ce a labarin: yaron a sume yake. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa komai ta baki, don zai iya shaƙewa, abin ya gangara huhu. Ban da haka, lumefantirin ba ya shiga jini sosai sai an haɗa shi da abinci mai maiƙo ko madara. Yanzu ka tambayi kanka: me zan canza a labarin don A ta ci? Hanya biyu ce. Ka mai da yaron mai zazzaɓi amma yana zaune, yana shan ruwa, ba jijjiga, ba ya yawan amai. Ko kuma ka bar yaron yadda yake, ka matsa da lokaci gaba: ya sha allurar atesunet a farko, da bayan awa 12, da bayan awa 24, ya farfaɗo yana cin abinci. A sannan ne ake ba shi cikakken magani na kwana uku ta baki, kuma wanda ya manta da wannan matakin ya bar aikin a rabi.

C ita ce abokiyar takara ta gaske, don haka zan ɗan daɗe a kanta. Kwinin yana warkar da zazzaɓi mai tsanani, iyayenmu likitoci da ke nan sun ceci rayuka da shi shekara da shekaru. Ya faɗi ne domin akwai wanda ya fi shi a cikin jerin. A 2010 aka buga sakamakon babban gwajin nan na AQUAMAT, wanda aka yi a kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka tara, har da Gana. Cikin waɗanda aka ba kwinin kashi 10.9 cikin ɗari suka rasu, cikin waɗanda aka ba atesunet kuwa kashi 8.5. Ga kuma wahalar ba da shi. Kashin farko miligiram 20 ne a kowane kilo, wato 280 ga yaronmu, kuma dole ya ɗiga a hankali tsawon awa huɗu, domin in aka tura shi da sauri hawan jini na iya faɗuwa, bugun zuciya ya rikice. Sannan yana sa jiki ya fitar da insulin, sukari ya faɗi, a yaron da cutar kanta ke cinye masa sukari. Yaushe C za ta ci? Idan labarin ya ce atesunet ya ƙare a asibitin, kuma babu allurar atemita, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita a kan kwinin.

Ga wani tarko a nan. Ɗalibi zai ce, "In na mai da majinyacin mace mai cikin wata biyu, ai kwinin ya ci." Bai ci ba. Idan zazzaɓin mai tsanani ne, atesunet ake ba mai ciki ko a wane wata take. Abin da ɗalibin ke tunawa tsohuwar ƙa'ida ce ta zazzaɓi marar tsanani a watanni ukun farko, ita ma hukumar ta sauya ta a 2022 zuwa atemita-lumefantirin. Kama da wane ba ta wane. Da bai tsaya kan amsar da ta faɗi ba, da wannan ruɗani na nan kwance a kansa har ranar jarrabawa, ko ranar da ya tsaya a ɗakin haihuwa.

D maganin daidai ne, hanyar ce ba ta dace da wurin ba. Atesunet na dubura, miligiram 10 a kowane kilo sau ɗaya, na yaro ne ɗan ƙasa da shekara 6 da ke ƙauyen da ba mai iya yi masa allura, a matsa masa a kama hanyar asibiti. Ku cire kalmar asibitin gunduma, ku sa ɗakin shan magani a wani ƙauye can bayan Gushegu, ba allura, mota sai an nema, nan take D ta zama amsa. E kuwa ba ta da doguwar magana. Rigakafi ne da ake raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 wata-wata a damina, tun ba su kamu ba.

Kun ga daga tambaya ɗaya mun fitar da biyar. Masu nazarin koyo sun gwada wannan. A 2012 Jeri Little da Elizabeth Bjork da abokan aikinsu sun nuna cewa idan zaɓin duk masu kama da gaskiya ne, ɗalibi kan tuno dalilin faɗuwar kowanne, wannan kuma yana taimaka masa daga baya a tambayoyin da waɗancan amsoshi ne daidai a cikinsu. Akwai kuma haɗarin. Henry Roediger da Elizabeth Marsh sun nuna a 2005 cewa wanda ya zaɓi kuskure, ba a gyara masa ba, yana iya riƙe kuskuren a matsayin ilimi. Saboda haka amsa tambaya ɗari a dare ɗaya ba tare da bita ba tana iya barin ka da guba a ka. Ni na fi son ɗalibi ya yi ashirin, ya rubuta layi biyu a ƙarƙashin kowace amsa da ta faɗi: kalmar da ta kayar da ita a labarin, da canjin da zai tashe ta. In ka kasa rubuta layin, ka gano inda iliminka ya tsaya, ko da kuwa ka ci tambayar. Wadda ka ci da canke ma, ka lissafta ta cikin waɗanda ka faɗi.

Wannan hanya kuma ita ke tona asirin tsofaffin takardun tambayoyi da ke yawo a wayoyinku. A ce an tambayi adadin atesunet da za a ba yaron nan, takardar ta ce miligiram 2.4 a kowane kilo, wato 33.6. Mai haddace harafi zai karɓa. Mai neman dalilin faɗuwar amsar miligiram 3 a kowane kilo zai buɗe littafi, ya tarar ba ta faɗi ba. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 a kowane kilo ake ba shi, domin jikin ƙananan yara yana saurin fitar da maganin. Rabon yaronmu miligiram 42 ne. Idan takarda da ƙa'idar yau suka saɓa, ƙa'ida ake bi, a kuma sanar da abokan karatu.

Ku kula da jimlar tambayar ita kanta. Ku mai da sukarin yaron 1.8, ku ce mene ne matakin farko. Amsa ta koma ruwan gulukos mai kashi 10 cikin ɗari, mililita 5 a kowane kilo, wato 70, ta jijiya, sannan atesunet ya biyo baya ba da ɓata lokaci ba. Atesunet bai zama kuskure ba, layi kawai ya bi.

Sai dai hanyar tana da iyaka, kuma mu a arewacin Gana mun fi kowa bukatar saninta. Takarda tana tilasta maka amsa ɗaya, gadon asibiti ba ya yin haka. Muna cikin yankin sanƙarau. Gwajin gaggawa yana iya ci gaba da nuna zazzaɓin cizon sauro makonni bayan an warke, yara da dama kuma suna ɗauke da ƙwayar cutar a jini alhali wani ciwon ne ya kwantar da su. Rashin sanƙarewar wuya a yaron da ya yi nisa a suma ba ya kore sanƙarau. Don haka a ɗakin yara, yaron nan zai sami atesunet, ya sami seftiriyazon, a riƙa auna sukarinsa, a kuma ɗebi ruwan lakarsa idan babu abin da ya hana. Wanda ya saba tambayar dalilin faɗuwar kowace amsa shi ne zai tuna cewa sanƙarau ba ta faɗi ba tukuna sai gwaji ya kayar da ita.

Roƙona ga malamai da ke nan shi ne, idan kun raba tambayoyin bita, ku daina raba haruffan amsa su kaɗai. Ku kuma ɗalibai, ku zauna ku biyar-biyar, kowa ya ɗauki harafi ɗaya, ya gyara labarin majinyacin har harafinsa ya ci, sauran huɗun su ƙalubalance shi da littafi a buɗe. Ku fara da tambayar da kuka amsa jiya da dare.