Tambayar Da Ba Ta Tsorata Ɗalibi

Wata ɗaliba ce aka ba ta aikin makaranta: ta gano ra'ayin 'yan'uwanta ɗalibai kan shan taba da sigarin lantarki. Sai ta fara da, "Ka yarda shan taba mugun hali ne?" Wa zai ce a'a, alhali malam na tsaye? Ai ta riga ta sa musu amsa a baki.

Gara ta rubuta, "Sigarin lantarki bai kai taba illa ba," ɗalibi ya zaɓi: na yarda, ban yarda ba, ban sani ba. Kada ta gwama taba da sigarin lantarki a tambaya guda kamar abu ɗaya ne, domin wani yana ƙyamar ɗaya, yana ganin ɗayan gayu ne.

Kada a rubuta suna, a kuma jefa takardun cikin kwali rufaffe. In amsoshi suka fito iri ɗaya sak, wataƙila tsoro ne ya cike takardun.