Agogon Gida da Agogon Baƙunta: Wane Lokaci Za Mu Riƙa Zama?

Jawabin da Sakataren Ƙungiya ya gabatar a taron shekara-shekara

Mai girma Shugaban taro, iyayenmu dattawan 'Yankuzo, 'yan uwa da suka taso daga Gusau, Kaduna, Abuja da Legas, ina yi maku barka da zuwa.

Bayan haka, an umurce ni da in yi bayani a kan dalilin da ya sa zaman da muke yi ta waya da 'yan uwanmu na ƙasashen waje yake yawan watsewa. Sau biyu maganar gyaran rijiyar burtsatse tana tashi ba a yanke komai ba, saboda waɗanda suka fi ba da gudummawa ba su samu halarta ba. Har wasu sun fara cewa girman kai ne. Ni dai da na bincika, agogo na tarar da laifin.

Mun saba sa zama da ƙarfe 8:30 na dare, bayan sallar isha'i, domin shi ya fi mana daɗi a nan gida. To, Saudiyya tana gabanmu da awa 2, saboda haka ɗan uwanmu na Jidda yana shiga ne da 10:30 na dare. Wannan da sauƙi. Amma Malesiya tana gabanmu da awa 7, wato ɗalibanmu na Kuala Lumpur ƙarfe 3:30 na dare muke tada su, kuma a wajensu rana ta riga ta canza, Asabar ɗinmu ta zama Lahadinsu. Wane ne zai yi lissafin kuɗin siminti a irin wannan lokaci?

Shawarar da na kawo ita ce mu koma ranar Asabar, ƙarfe 2:30 na rana agogon Nijeriya, bayan azahar, mu tashi 3:30 kafin la'asar. A wannan sa'ar Jidda tana 4:30 na yamma, sun idar da la'asar. Kuala Lumpur tana 9:30 na dare, sun yi isha'i ba su kwanta ba. Na New York kuwa safiya ce a wajensu. Na zaɓi Asabar ne domin tun shekarar 2013 hutun mako a Saudiyya ya koma Juma'a da Asabar, Lahadi ranar aiki ce a can.

Sai dai akwai wani tarko, kuma a nan nake roƙon ku ba ni hankalinku. Agogon Nijeriya ba ya motsi duk shekara, haka na Nijar da Gana da Saudiyya da Malesiya. Amma Ingila da Amurka suna juya nasu sau biyu a shekara. Daga Lahadin ƙarshe ta watan Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, agogon Landan ɗaya yake da namu. Sauran watannin kuwa muna gabansu da awa 1. New York tana bayanmu da awa 5 daga Lahadi ta biyu a Maris zuwa Lahadin farko ta Nuwamba, daga nan sai tazarar ta koma awa 6.

Ga yadda abin yake cutarwa. Mutuminmu na New York ya saba tun damina cewa 2:30 ta gida ita ce 9:30 ta safe a wajensa. Nuwamba ta shigo, an mayar da agogonsu baya, shi bai sake lissafi ba. Ya shigo da 9:30 kamar kullum, alhali a gida 3:30 ta yi, mun shafa fatiha mun tashi. Kamata ya yi ya shigo 8:30. A watan Maris kuskuren yakan juya, ya zo awa guda kafin kowa, ya zauna shi kaɗai har ya yi fushi. Duk wanda kuka ga ya makara ko ya yi sammako da awa guda cif a waɗannan watanni, kada ku zarge shi, canjin agogo ne.

Na Landan ma suna da tasu. A watan Disamba zamanmu yana faɗawa 1:30 zuwa 2:30 agogonsu, ga shi rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4, la'asar kuma tana shiga muna tsakiyar magana. Idan muka ja zaman ya wuce awa guda, mun matse masu lokacin salla. Wannan ma dalili ne na rage doguwar gaisuwa, duk da na san da wuya Bazamfare ya yarda da haka.

Abu na ƙarshe, ina roƙon mu daina rubuta "bayan la'asar" a takardar gayyata, domin kowa da la'asar ɗinsa. Daga yanzu ofishin Sakatare zai rubuta rana da kwanan wata da ƙarfe 2:30 agogon Nijeriya, a ƙasa kuma ya jera lokacin Jidda, Landan, New York da Kuala Lumpur, a sake duba jerin kowane Maris, Oktoba da Nuwamba.

Mai girma Shugaba, na gabatar da wannan domin a yi mahawara a kai, a jefa ƙuri'a.